Ɗaki ashirin a Farin Gada: lissafin da na yi wa Yaya daga Edinburgh

Shekarata ta shida ke nan a Edinburgh, babban birnin Scotland, kuma uku daga ciki na yi su ina aiki a ofishin wani gidan kwanan ɗalibai, ina raba makullai, ina duba wane gado ne ya cika, wane ne babu kowa. Shi ya sa da Yayana ya kira ni ya ce ya sayi fili a wajejen Farin Gada, ba nisa da harabar Jami'ar Jos ta Naraguta, zai zuba ɗaki ashirin na ɗalibai, sai na ce ya dakata da birkila ya turo mini zanen tukuna. Da zanen ya iso, na ga abin da nake tsoro: ɗakuna ashirin ɗin duk kai ɗaya, kowanne da banɗaki da ɗan kicin a ciki, irin wanda yara ke kira selfkon, kowanne naira 350,000 a shekara. Ya ce, "Ƙane, miliyan bakwai ke nan duk shekara, ina barci." Na ce masa, "Yaya, miliyan bakwai ɗin nan sai ranar da ɗakunan suka cika duka, kuma suka zauna a cike wata goma sha biyu."

Ra'ayina shi ne mu a gida ɗaki muke ƙirgawa da shekara, alhali abin da ɗalibi ke saye gado ne na tsawon zaman karatunsa. A nan wannan ne darasin farko da aka koya mini. Ba wanda zai tambaye ka ɗaki nawa gare ku, gado nawa ake tambaya. Farashi ma na mako ne, kuma yarjejeniya kala biyu ce a mafi yawan gidaje: ta kusan mako 44 ga mai digirin farko da zai koma gida da bazara, da ta mako 51 ga masu digiri na biyu, waɗanda galibi baƙi ne daga wasu ƙasashe kuma ba sa tafiya ko'ina. A gini ɗaya za ka tarar da ɗakin mutum ɗaya mai komai nasa, da kuma ɗakuna biyar ko shida masu tarayya a kicin ɗaya. Ba don ado aka yi haka ba. Aljihu ne ya bambanta, kuma idan masu aljihu ɗaya suka yi ƙaranci a wata shekara, sauran su riƙe gidan.

To, ɗalibin Jos nawa ne mahaifinsa zai zaro 350,000 a zama ɗaya, bayan kuɗin makaranta? Akwai su, amma ba su kai su cika duk selfkon ɗin da ake ta ginawa a unguwannin da ke kewaye da jami'a ba. Abin da ke faruwa kowa ya sani. Mutum ɗaya ya zo ya sa hannu, bayan mako biyu ka je da asuba ka tarar da takalma ƙafa uku a bakin ƙofa, bokiti uku a banɗaki, katifu biyu a jingine da bango. Sun haɗa kuɗi ne tun farko. Kai ka karɓi hayar mutum ɗaya, amma ruwanka da salgarka da ƙofarka suna ɗaukar nauyin mutum uku. Ban ga laifin yaran ba, abin da za su iya ke nan. Tunda dai za su zauna a haɗe, gara ka gina ɗakin da ya dace da haɗuwar, ka karɓi kuɗin kowane gado a sarari.

Ga abin da na rubuta masa a takarda, da alƙaluman da muka yi amfani da su a namu lissafin. Ɗaki huɗu su zauna selfkon yadda ya so, a 350,000, sun ba da miliyan 1.4. Ɗaki goma su zama na mutum bibbiyu, kowane gado 200,000, wato ɗaki ɗaya 400,000, goman sun ba da miliyan 4. Sauran shidan a faɗaɗa su, a sa gadaje masu hawa biyu, mutum hurhuɗu, kowane gado 120,000, ɗaki ɗaya 480,000, shidan sun ba da miliyan 2.88. Gadaje 48 ke nan, kuma idan sun cika kuɗin ya kai miliyan 8.28.

Amma ba cikar ce ta dame ni ba, rashin cikar ce. A ce shekara ta yi tsauri, mutum shida ba su zo ba. A tsarin Yaya, mutum shida ɗaki shida ne a kulle, an rasa miliyan 2.1, ya tashi da miliyan 4.9. A nawa tsarin, a ce selfkon ɗaya ne ba a kama ba, da gado biyu a ɗakunan mutum biyu, da gado uku a manyan ɗakuna: asarar miliyan 1.11 ce, ya rage miliyan 7.17. Wato a mummunar shekara ma ya wuce abin da tsarinsa zai ba shi a shekarar da komai ya cika. Da na karanta masa wannan a waya, sai ya yi shiru har na zaci layin ne ya yanke.

Ba zan ɓoye tsadar wannan tsari ba, don shi ma ya tambaya. Mutum 48 ba mutum 20 ba ne. Idan kowa ya yi amfani da jarka biyu ta lita 25 a rana, ana bukatar lita 2,400 kullum, kuma wanda ya zauna a Jos ya san yadda rijiyoyi ke ja da baya a watan Maris da Afrilu kafin ruwan sama ya sauka. Ba rijiyar burtsatse da tanki mai ɗaukar ruwan kwana biyu, kada ma a fara. Salga sai an haƙa babba. Ɗakin mutum huɗu ba zai yiwu a ƙafa 12 da 12 ba, sai an ƙara masa tsawo, an ba kowa akwatinsa mai kwaɗo, an fitar da girki zuwa kicin na tarayya, don risho huɗu a ɗaki ɗaya gobara ce ke jiran rana. Sannan dole a sami mai kula da gida da ke kwana a gidan. Duk wannan zai ci wani abu daga ribar, amma tun a zane ake yinsa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Inda kwatancen ya fi ba ni ciwo shi ne maganar lokacin da gida ke zama fayau. A nan an san ranar shiga a watan Satumba tun shekara guda kafin ta zo, an san lokacin fita. Ragowar makonnin bazara kuwa ba sa zama asara, domin a watan Agusta Edinburgh cika take maƙil da baƙin bukukuwan wasanni da al'adu, ɗakin ɗalibi ya koma masaukin baƙi da kuɗin kwana. Na sha canza zanen gado a ɗakin da ɗalibi ya bari, washegari baƙo ya shiga. Wannan ba zai kwafu a Jos ba, kuma duk wanda ya ce maka ka mai da gidan ɗalibai otal da hutu bai yi tunanin uban da ya kawo 'yarsa ya damƙa maka amana ba.

Matsalarmu ma ba hutu ba ce, don mai biyan shekara ya riga ya biya har da hutun. Matsalarmu kalandar ce ba ta tsayawa wuri ɗaya. A 2020 malaman jami'a sun yi yajin aiki daga Maris zuwa Disamba, ga annoba a kai. A 2022 an sake yi daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Hayar shekara ba ta san da yajin aiki ba, tana ta tafiya. Sai ta ƙare yaro yana gida a Bauchi ko Lafiya, kayansa a kulle a ɗakinka, ba ya biya, kai kuma ba ka da ikon ba wani. Ya dawo, uban ya ce ba zai biya watannin da ɗansa bai kwana ba, kai ka ce ai ɗakin a hannunsa yake. Kowa da gaskiyarsa. Bayan haka kuma ranar ƙarewar haya ta saɓa da ƙarshen shekarar karatu, mai kammalawa ya fita a tsakiyar zango, sababbin ɗalibai ba za su zo ba sai bayan wata uku ko huɗu. Wannan giɓin shi ke cinye riba, kuma ba ya fitowa a lissafin da ake yi ranar sayen fili.

Abin da na ba shi shawara shi ne a ɗaure haya da shekarar karatu: tana farawa ranar shiga, tana ƙarewa mako biyu bayan jarrabawar zango na biyu, in dai ba ta haura wata goma sha biyu ba. Sannan a rubuta sharaɗin yajin aiki ƙarara, uba ko mariƙi ya sa hannu. Watan farko ba a taɓa komai, don sau da yawa na gargaɗi ne. Daga wata na biyu agogon haya ya tsaya, ɗalibi ya zaɓi ɗaya cikin biyu. Ko ya riƙe gadonsa da rabin kuɗi, ko ya tattara kayansa a sito ya saki gadon, da alkawarin shi za a fara ba wa idan an dawo. Gadon 120,000 yana kamawa 10,000 a wata, rabinsa 5,000. A yajin aiki irin na 2022, wata bakwai ke nan, 35,000 maimakon 70,000. Uba zai iya haɗiye wannan, mai gida kuma ya sami na biyan maigadi da gyaran famfo.

Selfkon huɗun nan kuwa na ce kada ya ba ɗaliban jami'a duka. A yi musu ƙofarsu daban ta waje, a ajiye su ga mutanen da kalandarsu ba ta bin ta jami'a: masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda ke fitowa daga sansanin Mangu rukuni-rukuni suna neman wurin zama na kusan shekara, da ɗaliban wasu makarantu da suka zo koyon aiki na 'yan watanni. Mai zaman wata-wata ya biya 40,000. Wata tara ya ba da 360,000, ya riga ya haura hayar shekara, ko da ɗakin ya zauna wata uku ba kowa. Ƙofar daban ba abin wasa ba ce. A Jos iyaye kan tambayi unguwa da su wa ke shiga gidan kafin su tambayi farashi, kuma suna da dalilinsu.

Farashin da na ambata ba wahayi ba ne, shekarar farko ce za ta gyara shi. Idan manyan ɗakunan suka cika a mako ɗaya har ana roƙo, sun yi arha, a ɗan ƙara baɗi. Idan mako huɗu bayan an buɗe makaranta ɗakunan mutum biyu ba su cika ba, tazarar da ke tsakanin 120,000 da 200,000 ta yi yawa, a rage ta ko a yarda a biya kashi biyu, kowane zango rabi. Masu son ci gaba da zama kuma a karɓi kafin alƙalaminsu kafin su shiga jarrabawar ƙarshe, don a san gado nawa za a nema wa mutane tun suna gari.

Yaya bai karɓi komai da komai ba. Ya ce ɗakin mutum huɗu hayaniya ce, shida sun yi masa yawa, ya mai da su huɗu, ya ƙara biyun a na mutum biyu. Na sake lissafawa, gadaje sun koma 44, kuɗin cika ya sauko zuwa miliyan 8.12. Sharaɗin yajin aikin kuwa ya kai wa lauya ya rubuta, kuma jiya ya turo mini hoton mai haƙar rijiya ya kafa injinsa a kusurwar filin.