Kunnenka lafiyarsa ƙalau, masu Turancin ne ba sa faɗar kalmomin duka

Daren jiya muna zaune a ƙofar gida a Jekadafari, ƙanena yana kallon wani fim ɗin Amurka a waya, sai ya cire abin kunne ya ce, "Yaya, ni fa in ba rubutun ƙasan nan ba, ba na tsintar komai." Yaron nan ya ci Turanci da kiredit a jarrabawar gama sakandare. Na ce masa matsalarsa ba ƙarancin kalmomi ba ce, kuma haddace ƙamus ba zai yi masa magani ba. Ni a ganina, yawancinmu a Gombe da ido muka koyi Turanci, shi ya sa kunne yake jiran sautin da ba zai taɓa zuwa ba.

Na karɓi wayar na mayar da wurin baya. A allo an rubuta "You should have told him". Kalma biyar. Abin da ya fito daga bakin mutumin kuwa "yu shuda toldim" ne, kamar kalma uku. Abu biyu ne suka faru. Kalmar "have" ta ƙanƙance har ta koma wani ɗan wasali gajere da ya manne a bayan "should". Ita kuma "him" ta yar da harafinta na farko, sai baƙin ƙarshe na "told" ya tsallaka ya kama ta. Ƙanena yana can yana jiran "hab" da "him" irin na malamin aji, har jimlar ta wuce.

Dalili shi ne Turanci yana tafiya ne a kan gaɓoɓin da aka danna. Kalmomin da ke ɗauke da ma'ana, su ake ba ƙarfi da lokaci. Ƙananan da ke tsakani, irin su "to", "of", "and", "for", matse su ake yi domin a cim ma dannawa ta gaba. Mu kuwa mun saba ba kowace gaɓa haƙƙinta, sai muka kwashi al'adar muka kai Turanci.

Amma kada mu yi kamar baƙon abu ne. Wa yake cewa "za ya zo" a tasha? "Zai zo" ake cewa. Muna rubuta "gidan Bala", baki kuma yana faɗar "gidam Bala". "Kai masa" ya koma "kai mai". Baƙon da ya koyi Hausa a littafi, ka ajiye shi a babbar kasuwar Gombe, shi ma rantsuwa zai yi cewa sauri muke yi.

Inda abin ya fi cizo shi ne "can" da "can't", domin nan ma'ana ce take juyewa gaba ɗaya. An koya mana mu saurari harafin ƙarshe. To Ba'amurke sau da yawa ba ya sakin wannan harafin, yana tsayar da shi ne a baki. Abin da za ka saurara shi ne nauyi. Idan zai iya, "I can go" tana fita kamar "ai kin go", kalmar ta yi sauƙi, ƙarfin yana kan aikatau. Idan ba zai iya ba, kalmar tana fita da cikakken wasali, da ƙarfi, ta ɗan ja sannan ta yanke. Sai dai a ƙarshen jimla dokar ba ta aiki: a "Yes, I can" kalmar cikakkiya take fita, kuma tana nufin zai iya.

Ga abin da na sa ƙanena ya yi. Ya zaɓi daƙiƙa 10 kacal, ya kashe rubutun, ya saurara sau uku, ya rubuta abin da kunnensa ya ji da haruffan Hausa, ko da ya yi kama da shirme. Sannan ya kunna rubutun ya gwada su. Duk inda suka saɓa, nan darasin yake. Ya rubuta "pikidap", allo ya nuna "pick it up". Shi da kansa ya gano cewa "t" tsakanin wasula biyu takan yi laushi a bakin Amurkawa, ta yi kusa da "d" ko "r" ɗinmu.

Ya so ya rage gudun zuwa 0.75x, na ce ya yi, amma kada ya sa rai sautin da ya ɓace zai dawo. Ba a faɗe shi ba tun farko. Kuma ya lura, masu rubutun ƙasa sukan taƙaita magana don ta shiga allo, saboda haka wani lokaci kunnensa ne ke da gaskiya.

Ba na cewa ya fara magana haka. In ya ce wa malaminsa "shuda", ba ruwana. Ji kawai nake so ya gyara. Wajen ƙarfe sha ɗaya na bar shi a kan daƙiƙa goma na huɗu, yana musu da wayar kan ko matar "tell her" ta ce ko tela take kira.