Ƙannena, a bi kalmar ubuntu a hankali

Ƙannena masu rubuce-rubuce, akwai abin da na daɗe ina son mu gyara. Duk wanda ya tashi bayanin ubuntu, kalmar nan ta harshen Zulu, sai ka ji ya ce ma'anarta "ina nan ne saboda muna nan". Wannan zance na John Mbiti ne, malamin addini ɗan ƙasar Kenya, a rubutunsa na 1969. Zance ne mai kyau, amma ba shi ne abin da mutanen Zulu na Afirka ta Kudu suke faɗa da bakinsu ba.

Abin da suke cewa shi ne umuntu ngumuntu ngabantu. Ku tsaya ku warware shi. Umuntu mutum ne, abantu kuma mutane. Ngumuntu na nufin "mutum ne", sannan ɗafin nga da ke goshin kalmar ƙarshe yana nuna abin da aka bi ta kansa. Ke nan, mutum mutum ne ta dalilin mutane. Ubuntu ita ma daga saiwa ɗaya ta fito da su, kamar yadda muka sami mutuntaka daga mutum.

To da wace kalma za ku gabatar da ita ga Bahaushe? Ni dai mutuntaka na fi zaɓa a kan mutunci, domin mutunci yakan karkata ga ƙimar da ake ganin mutum da ita, har a ce an ci masa ko ya zubar. Ubuntu kuwa hali ne da ake gani a mu'amala. Ku tuna yadda tsohuwa ke kallon mai kuɗin da bai zuwa jana'iza, bai leƙa maƙwabci mara lafiya, ta girgiza kai ta ce wane ba mutum ba ne. Ba ta musanta cewa ɗan Adam ne ba. Daga nan za ku fara bayani, mai sauraro zai gane nan take.

Amma don Allah kar kamannin sauti ya ruɗe ku har ku ce mutum da umuntu asalinsu ɗaya. Zulu harshen Bantu ne, Hausa kuwa daga dangin harsunan Chadi take.

Kar kuma ku mayar da ubuntu haƙurin dole. Kundin tsarin mulkin wucin gadi na Afirka ta Kudu na 1993 ya ambaci ubuntu a inda ya fifita fahimtar juna a kan ramuwa bayan mulkin wariyar launin fata. Duk da haka, a hukumar gaskiya da sasantawa da babban limamin coci Desmond Tutu ya shugabanta, ba a yi wa kowa afuwa a banza ba. Sai mai nema ya fito ya bayyana duk abin da ya aikata, kuma an tabbatar laifin na da nasaba da siyasa. Da yawa sun nema an hana su.