Fataken da suka kawo mana addini ba su shiga kasuwa da jahilci ba

Jiya bayan la'asar na tsaya a kan wasu 'yan uwa biyu suna sa'insa a bakin shago. Ɗaya ya ba ɗaya jarin naira 2,000,000 ya juya, da sharaɗin duk wata zai riƙa kawo masa 100,000, babu takarda, babu shaida. Kaya sun lalace a hanya, yanzu kowa na rantsuwa da Allah cewa shi aka zalunta. Na kasa yi musu faɗa, domin ni ma akwai bashin da na bayar shekara biyu ke nan ban rubuta ba, saboda kunyar kada a ce ban yarda da mutum ba. Wannan kunya ta hana ni barci.

'Yan uwa, mu tuna yadda Musulunci ya ƙetaro Sahara. Ayarin raƙuma kan tashi daga Sijilmasa ta kudancin Maroko, ya yi kusan wata biyu kafin ya isa Audagust, wadda kufanta ke cikin Muritaniya a yau. Ibn Hauƙal, matafiyin ƙarni na 10, ya ba da labarin ya ga takardar bashi ta dinari 42,000 da ake bin wani attajiri mazaunin Audagust. Idan aka auna, zinariya ce da ta haura kilo 170. Me ya sa mutum zai saki dukiya irin wannan alhali hamada na tsakaninsa da wanda yake bi? Saboda an rubuta, kuma akwai shari'a guda da alƙalin wannan gari da na wancan duk suke hukunci da ita. Ayar bashi ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, su aiki suka yi da ita, mu kuwa sai a tilawar azumi muke haɗuwa da ita.

Wannan buƙata ce ta gina garuruwa. Al-Bakri ya rubuta a 1068 cewa babban birnin daular Gana, ba ƙasar Ghana ta yanzu ba, gari biyu ne: na sarki, da na Musulmi mai nisan mil shida, wanda ke da masallatai 12 da limamai da ladanai da malaman fiƙihu. Sarkin bai musulunta ba, amma tafintocinsa da ma'ajinsa da mafi yawan waziransa Musulmi ne, domin a hannunsu rubutu da lissafi suke. Inda fatake suka zauna sai sun nemi mai rubuta musu yarjejeniya da mai raba musu gardama, shi kuma malamin sai ya buɗe makaranta. Ta irin wannan hanya Wangarawa suka iso Kano a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14.

Littattafan ma a kan raƙuman suka zo. Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan da ya rasu a 996, tana nan ana karanta ta a zaurukanmu, kuma ta yi magana a kan abin da 'yan uwan nan biyu na bakin shago suka yi. Sunansa ƙiradi: wani ya ba da kuɗi, wani ya juya. A mazhabar Malikiyya jarin tsabar kuɗi ne, ba kaya ba, kuma rabon riba da kaso ake yanke shi, kamar rabi ko sulusi, ba wani adadi tsayayye ba. Da sun yi daidai, in an ci ribar 600,000 a kan rabi da rabi, kowa ya ɗauki 300,000 bayan uwar kuɗi ta dawo. In kuwa an yi asara ba tare da sakaci ko saɓa sharaɗi ba, mai kuɗi ne ke ɗaukarta, mai juyawa kuma ya yi asarar wahalarsa. Da zarar ka ji an ce "kaza duk wata" ko "jarina ba ya taɓuwa ko me ya faru", to ƙiradin ya ɓaci tun ranar da aka ƙulla shi.

Haba jama'a! Mun karanta babin tsarki da na salla, muna isa babin ciniki sai mu rufe littafi mu tafi kasuwa. An ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya ce kada wanda bai fahimci addini ba ya yi ciniki a kasuwarsu. Mu nawa ne za mu tsallake wannan sharaɗi a yau? Ni dai ban tsallake ba.

Don Allah, duk wanda ke da jari a hannun wani, ko jarin wani a hannunsa, ya je wurin malami a karanta masa babin ƙiradi kafin Juma'a mai zuwa. A rubuta, a kira shaidu biyu. Ni gobe in Allah Ya kai mu zan ɗauki takarda da alƙalami in je wurin wanda nake bi, in fara da ba shi haƙuri.