Taron dangi ba ya sauke bidiyo, ƙorafi ɗaya mai hujja ya fi

Duk lokacin da aka saki bidiyon cin zarafin wani, sai ka ga saƙo yana yawo a zaurukan WhatsApp: "Don Allah jama'a ku taimaka a kai ƙarar wannan shafin." A haɗa da adireshin bidiyon, mutum ɗari biyu su danna, su kalla har ƙarshe, wasu su tsaya zagin mai shafin. A ganina wannan taron dangi ya fi amfanar mai cin zarafin, domin kowane kallo da kowane martani ƙara wa bidiyon tafiya yake yi. Facebook da kansa ya bayyana cewa yawan ƙorafi ba shi ne ke sa a sauke abu ba, ana auna shi ne da dokokin dandalin.

Mu ɗauki misali. Aure ya mutu, tsohon mijin ya hau TikTok ya yi bidiyo na minti biyu. Bai ambaci sunan matar ba, habaici kawai yake yi, amma ya nuna ƙofar gidan iyayenta, ya kuma rubuta lambar wayarta a ƙasa. Kafin la'asar wayarta ta cika da kiran mutanen da ba ta sani ba.

Abin da ya kamata ƙaninta ya fara yi shi ne adana hujja: ya kwafi adireshin bidiyon da sunan shafin, ya ɗauki hoton allo da ke nuna lambar, ya rubuta rana da lokaci. Da zarar an sauke bidiyon, hujjar ta tafi tare da shi. Banda idan abin tsiraicin yaro ne ko yarinya. Wannan ajiye shi a waya ma laifi ne, adireshin kawai ake riƙewa.

Sai ya danna bidiyon ya riƙe, ko ya taɓa kibiyar rabawa, ya zaɓi "Report". A Facebook da YouTube ɗigo uku ɗin nan ake taɓawa. A nan ne mutane ke yin kuskure, su danna duk dalilin da ya fara zuwa. Wanda zai duba ƙorafin, na'ura ce ko mutum, ba lallai ya ji Hausa ba, kuma ko ya ji, habaici sai wanda ya san tushen rigimar. Shi mutum kawai zai gani zaune yana magana cikin natsuwa, ba jini ba makami. Amma lambar waya da ƙofar gida kowa ya gan su ya gane. Don haka dalilin da ya shafi fallasa bayanan mutum ya fi ƙarfi a nan, kuma idan an ba da wurin rubutu, a faɗi daidai daƙiƙar da lambar ta bayyana.

Bayan an tura, ba a gaya wa mai shafin wanda ya kai ƙararsa, ko da yake zai iya yin zato. Amsa kan zo ta akwatin sanarwa, wani lokaci cikin sa'o'i, wani lokaci sai an kwana biyu. Ko dai a sauke bidiyon, ko a taƙaita masu ganinsa, ko a ce bai saɓa doka ba. Rufe shafi gaba ɗaya ba kasafai ake yinsa a karon farko ba. A YouTube gargaɗi ake fara yi, sai laifi uku sun taru cikin kwana 90 a rufe tashar, sai dai in abin ya yi muni sosai. Shi ma mai shafin yana da damar ɗaukaka ƙara, har a mayar masa da bidiyonsa.

Ko an sauke, tsugune ba ta ƙare ba. Wanda ya riga ya ajiye bidiyon a wayarsa zai watsa shi a WhatsApp, inda kamfanin ba ya ganin abin da ake turawa. Idan aka kai ƙorafi a can, saƙonni biyar na ƙarshe ake miƙa musu, za su iya rufe lambar mutumin, amma ba su da ikon goge komai daga wayoyin jama'a. Idan hotunan tsiraici ne, StopNCII.org na taimaka wa wanda ya kai shekara 18 ya toshe sake ɗora su a dandalin da ke cikin tsarin, ba tare da hoton ya bar wayarsa ba.

Kuma babu kamfanin da zai tsaya gadi a ƙofar gidan nan. Idan akwai barazanar duka ko kisa, ƙanin ya ɗauki hujjarsa ya tafi ofishin 'yan sanda a ranar, kada ya zauna jiran amsar TikTok. A Najeriya sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya shafi barazana ta intanet. Mai unguwa ma a sanar da shi, tunda adireshin gidan ya riga ya fita, ita kuma matar ta kwana a gidan wata 'yar'uwa har ƙura ta lafa.