Daƙiƙa goma da suka cinye mini yini guda

Masu wani yaji suka aiko mini da kwalabe shida da ɗan kuɗi, in nuna shi a bidiyon dambun shinkafa mai minti takwas. Girkin bai ba ni wuya ba. Jimlar da zan gaya wa mutane an biya ni ce ta hana ni sakat.

Da farko na cusa ta a minti na bakwai, na karanto ta a guje kamar mai tallan maganin basir a tasha. Ƙanwata da ke riƙe da waya ta ce, “Yaya, wa ke kaiwa minti na bakwai?” Gaskiyarta. Wanda ya ga yabon yaji a minti na biyu ya tafi, bai san talla ya kalla ba. Dole bayanin ya riga yabon.

Na dawo da ita farko, na gyara murya: “Wannan shiri yana zuwa muku ne bisa ɗaukar nauyin...” Sai ka ce sanarwar rasuwa a rediyo, ga ni kuma da ludayi a hannu. Na sassauta zuwa “godiya ga abokan arzikinmu”. Ta yi daɗin ji, sai dai ba ta faɗi komai ba, don ko maƙwabciyar da ta ara mini madambaci abokiyar arziki ce. In babu kalmar “biya” ko “kyauta”, ba a yi bayani ba.

Abin kunyar yana cikin rubutun da suka turo: “Na daɗe ina amfani da shi.” Ina faɗa, yarinyar nan ta ce, “Shekaranjiya fa aka kawo.” Muka ɗage ɗauka sati biyu, na ci yajin da gaske. Na so in ƙara “ra’ayin nawa ne”, sai na tuna sun duba rubutun kafin ɗauka, na goge.

Ga jimlar da ta tsaya, ina yanka albasa nake faɗinta, cikin rabin mintin farko: “Masu wannan yajin sun biya ni in nuna muku shi, kwalabe shidan ma kyauta suka aiko. Sati biyu ina ci, ga abin da na gani.” Daƙiƙa goma, da muryar da nake cewa a rage wuta. Hannu na aiki, baki ba ya komawa na mai labarai.

A YouTube Studio na danna akwatin Paid promotion, wanda ke nuna wa masu kallo akwai tallan da aka biya, amma alamar da ke fitowa ƙarama ce, ba ta daɗewa, ba kowa ke karanta ta ba, don haka ba ta maye gurbin baki.

Sai na yanko daƙiƙa talatin na inda nake lashe yatsa na sa a WhatsApp, bayanin ya tsaya can cikin dogon bidiyo. Da magariba Gwaggo ta kira: tunda yajin gidanmu ne na gado, a aiko mata kwalba biyu.