Watan Ista na takarda ne, kuma ni ban ga laifin hakan ba

Duk shekara idan Maris ya kama sai ka ji an sake tayar da tambayar nan: me ya sa Kirsimeti ke zaune daram a 25 ga Disamba, amma Ista ke yawo, bana a Maris, baɗi a ƙarshen Afrilu? Amsar da aka saba bayarwa ita ce, ana yin Ista ranar Lahadin farko bayan cikar wata ta farko da ta biyo ranar da dare da rana suke yin daidai. Na daɗe ina maimaita wannan amsa da ƙarfin gwiwa, har shekarar 2019 ta zo ta ba ni kunya.

Ga yadda aka yi. Wata abokiyar aikina ta tambaye ni ranar Istan shekarar, ni kuma don burga na ce ba sai mun duba kalanda ba, bari in lissafa mata. Na nemo alƙaluman masana taurari. Dare da rana sun yi daidai ranar 20 ga Maris, wajen ƙarfe goma saura na dare agogon GMT. Wata kuma ya cika bayan kusan awa huɗu, watau an riga an shiga Alhamis 21 ga Maris. Na ce ai magana ta ƙare, Lahadi mai zuwa 24 ga Maris, ita ce Ista. Ta miƙe ta ciro kalandar da ke rataye a bango, ta ɗaga shafin Maris, ta ɗora yatsa a kan 21 ga Afrilu, ta ce, "To malam, wannan fa?" Mako huɗu cif tsakanina da gaskiya.

Alƙaluman da na ɗauko ba su da kuskure. Inda na ɓata shi ne na ɗauka coci na kallon sama, alhali littafi take dubawa. Abubuwa biyun da amsar can ta ambata, daidaituwar dare da rana da kuma cikar wata, dukansu akwai na sama, akwai na takarda, kuma na takardar ake bi.

Na farkon ba ya da wuya. A zahiri, lokacin da rana ke ƙetara tsakiyar duniya ta nufo arewa yana ɗan motsawa, a zamaninmu galibi 20 ga Maris yake faɗawa. Coci ta kafe shi a 21 ga Maris, ko ya zo da wuri ko ya makara, ba ruwanta.

Na biyun ne ke da labari. Asalin abin daga Idin Ƙetarewa na Yahudawa yake, wanda ake yanka ragonsa ranar 14 ga watan Nisan, a kuma lokacin wannan idin ne Linjila ta sa gicciyewa da tashin Yesu. Shi ya sa cikar watan Ista a lissafin coci ke nufin kwana na sha huɗu na wata, sha huɗun nan dai da muke kwatanta kyakkyawar fuska da farin watansa. A ƙarnukan farko wasu Kiristocin Asiya Ƙarama suna yin bikin ranar sha huɗun kanta ko wace rana ta kama, wasu kuma sai sun jira Lahadi. Babban taron shugabannin coci da aka yi a birnin Nikiya a shekarar 325 ya nemi kowa ya koma yin bikin rana ɗaya. To amma ta yaya mutumin Iskandariya da na Roma za su dace a kan rana guda, a zamanin da wasiƙa ke shafe makonni a hanya, ga kuma azumin kwana arba'in da dole a fara tun kafin watan da ake magana ya ma tsaya? Jiran ganin wata ba zai yi ba. Dole a san ranar tun da nisa.

Dabarar da ta fitar da su tsohuwa ce, ana jingina ta ga Meton, masanin taurari na Atina. Watanni 235 na wata sun yi kusan daidai da shekara 19 na rana, bambancin bai fi awa biyu da 'yan mintuna ba. Ma'ana, in wata ya cika a wata rana bana, bayan shekara 19 zai sake cika a wannan ranar ko dab da ita. Sai aka rubuta jadawali mai layi 19, kowace shekara da layinta, ana gane layin da abin da ake kira lambar zinariya: ka raba shekarar da 19, ka ƙara ɗaya a kan abin da ya saura.

Kai ma kana iya yi da biro a bayan ambulan. Daga 1900 zuwa 2199, ga lissafin cocin yamma, watau Katolika da Furotesta:

```
a = shekara mod 19
d = (19a + 24) mod 30
```

Wannan mod ɗin ragowar rabawa ce kawai. Ka ɗora kwana d a kan 21 ga Maris, ka sami cikar watan coci, Lahadin da ke bayanta ita ce Ista. Kada 19 ɗin da ke cikin layi na biyu ta ruɗe ka, ba ta shekarun can ba ce. Watanni goma sha biyu na wata sun gaza shekarar rana da kwana 11, don haka cikar wata na ja da baya kwana 11 duk shekara. A zagayen kwana 30 kuwa, komawa baya da 11 da matsawa gaba da 19 duk wuri ɗaya suke kai ka.

Mu gwada da 2025. In ka raba da 19, saura 11. Sau 19 ya ba da 209, a ƙara 24 ya zama 233, a raba da 30 saura 23. Kwana 23 bayan 21 ga Maris shi ne 13 ga Afrilu. Ranar kuwa Lahadi ce, kuma ƙa'ida ta ce Lahadin da ke *bayan* cikar wata, saboda haka aka tsallake mako guda, Ista ta kama 20 ga Afrilu. Haka kuwa aka yi.

Yanzu koma kan 2019 da ta kunyata ni. Saura 5, sau 19 ya zama 95, da 24 ya zama 119, a raba da 30 saura 29. Wannan zai kai mu 19 ga Afrilu, amma jadawalin ba ya yarda cikar watan Ista ta wuce 18 ga Afrilu, sai a rage kwana ɗaya. (Akwai wani ragin irinsa idan d ta fito 28 kuma a ta haura 10. Wanda ya manta da waɗannan biyun, lissafinsa zai yi ta dacewa shekara da shekaru, rana ɗaya kwatsam ya zarce da mako guda, kamar yadda zai faru in ka gwada 1981 ba tare da ragin ba.) To 18 ga Afrilu Alhamis ce, Lahadinta 21. Watan Maris ɗin da na kafa hujja da shi fa? A littafi ya cika ne ranar 20 ga Maris, kwana ɗaya kafin ƙofa ta buɗe, don haka bai shiga lissafi ba. 'Yan awanni a sama suka zama mako huɗu a ƙasa.

Daga nan kuma ake gane iyakokin bikin. In cikar ta faɗo 21 ga Maris ranar Asabar, washegari Ista, 22 ga Maris, ba ta taɓa riga haka. Rabon da a ga irinta tun 1818, kuma sai 2285. In ta faɗo 18 ga Afrilu ranar Lahadi, sai 25 ga Afrilu, nan ne ƙarshen makararta.

Na ji masu cewa wannan ai yaudarar kai ce, ga wata a sama kowa na gani, a bar shi a kama na takarda. Ban yarda da su ba. Cikar wata ta gaskiya ƙiftawar ido ce guda ga duniya baki ɗaya, amma ranar da ta faɗa ta danganta da inda kake tsaye. Lokacin da yake Asabar da dare a wata nahiya, a wata Lahadi ta riga ta waye, kuma ka ga abin da faɗawa kan Lahadi ke jawowa: mako guda cur. Ko an ce sama za a bi, sai an zauna an zaɓi agogon gari ɗaya an ce shi ne alƙali. Taron wakilan coci-coci da aka yi a birnin Halab na Siriya a 1997 ya kawo shawarar haka, a bi lissafin taurari bisa agogon Urushalima, har yau kuwa ba a aiwatar ba. Yarjejeniya dai ba makawa, ko ta jadawali ko ta agogo.

Inda nake ba masu sukar gaskiya shi ne, jadawali in ba a gyara shi, yana zamewa. Tsohuwar kalandar Yuliyos tana ƙara kusan minti 11 a kan kowace shekara, shi kuma zagayen 19 ɗin yana kauce wa watan gaskiya da kwana ɗaya a kusan kowace shekara 310. Kafin ƙarni na 16, daidaituwar dare da rana ta sulale zuwa wajen 11 ga Maris. Abin da ya sa ke nan Fafaroma Gregory na 13 ya yi gyaran 1582, aka kwanta 4 ga Oktoba aka tashi 15 ga wata, aka kuma saka wa lissafin watan nasa gyare-gyare na ƙarni-ƙarni. Mutane da yawa ba su san cewa kalandar da muke rubuta kwanan wata da ita yau saboda ranar Ista aka gyaro ta ba. Lambar 24 ɗin can ma daga wannan gyaran ta fito, shi ya sa take da wa'adi.

Yawancin cocin Otodoks ba su karɓi gyaran ba wajen lissafin Ista. Nasu 21 ga Maris yanzu yana faɗawa 3 ga Afrilu a kalandarmu, watansu na takarda kuma yana bayan na sama da kwana huɗu ko biyar. A 2024 cocin yamma ta sami cikar wata 25 ga Maris, ta yi Ista 31 ga Maris. Su kuwa a wurinsu ƙofa ba ta buɗe ba tukuna, suka jira wata na gaba, littafinsu ya ba su 28 ga Afrilu, ita ma ta faɗo Lahadi, suka tsallaka zuwa 5 ga Mayu. Mako biyar tsakanin masu bikin abu ɗaya. A 2025 kuma lissafin biyu suka haɗu a 20 ga Afrilu, a daidai shekarar da taron Nikiya ya cika 1700.

Ita abokiyar aikin tawa har yanzu in Maris ya zo takan tambaye ni ko na duba sama. Na gaya mata ta ajiye tsokanarta zuwa 2038. Shekara 19 ke nan cif bayan 2019, layi ɗaya a jadawali: wata zai sake cika a sama 21 ga Maris, littafi zai sake cewa 18 ga Afrilu, kuma a wannan karon 18 ɗin Lahadi ce, don haka Ista sai 25 ga Afrilu.