Idan mai magana bai ƙarasa jimlarsa ba, kada mai fassara ya ƙarasa masa

Akwai wani aiki da ya yawaita a hannun masu fassara yanzu: a turo maka saƙon murya, ko rubutun da wani ya kwafo daga saƙon, a ce ka mayar da shi Turanci ko wani harshe. Abin da ke damuna shi ne, da yawa daga cikinmu muna miƙa aiki mai daɗin karatu wanda ya fi ainihin maganar tsari, kuma a cikin wannan gyaran ne ake sa wa mutum maganar da bai faɗa ba.

Ga irin abin da nake nufi. Wani ya tura wa abokin hulɗarsa saƙo, aka kwafe shi kamar haka:

"To, eh... maganar kuɗin nan, wato kuɗin nan da muka yi magana, ni dai na ce masa, na ce masa ranar Laraba, a'a, Alhamis zan... to amma ka san yadda abin yake. Wai ya ce ya turo. In ya turo, to ni ba ni da... shi ke nan dai, sai mun yi magana."

Mai gaggawa zai fitar da fassarar da ma'anarta ita ce: "Na gaya masa zan biya ranar Alhamis. Ya riga ya turo kuɗin, don haka ba ni da matsala." Ta karantu sumul, amma a duba da kyau. Mutumin bai ce zai biya ba. Bai tabbatar da an turo komai ba. Bai ce ba shi da matsala ba. Da wannan takarda za ta je gaban mai sasanci ko alƙali, an ɗora masa alkawarin da bai ɗauka ba.

Kalmomin cike gurbi su ne masu sauƙi, amma ba dukansu ba. "To", "eh" da "wato" na farkon saƙon lokaci kawai yake saye da su kafin tunaninsa ya daidaita, ana iya zubar da su babu asara. "Wai" kuwa ba ta cikin wannan sahu. Da ya ce "wai ya ce", yana nisanta kansa ne daga labarin: ji ya yi, bai gani ba, wataƙila ma bai yarda ba. Cire ta ya mayar da jita-jita shaida. Haka "ni dai": yana iyakance maganar a kan abin da shi ya yi, bai ɗauki nauyin na wasu ba. Hanyar da nake bi ita ce in cire kalmar in sake karanta jimlar, in tambayi kaina ko ƙarfin tabbacin mai magana ya ƙaru ko ya ragu. In ya motsa ko kaɗan, kalmar aiki take yi, dole a nemo mata madadi a ɗaya harshen.

Maimaici ma kala-kala ne. "Na ce masa, na ce masa" tuntuɓen harshe ne, sau ɗaya ya isa. "Laraba, a'a, Alhamis" gyaran kai ne. A saƙon yau da kullum Alhamis kaɗai ta wadatar, amma idan rigima ake yi a kan rana, ina barin duka biyun, domin yadda ya fara ambaton Laraba na iya zama abin da masu shari'a ke son gani. Akwai kuma maimaicin da nahawu ne tsantsa: wanda ya ce a raba "biyu-biyu" bai yi in'ina ba, kuma wanda ya mayar da ita "biyu" ya sauya lissafin gaba ɗaya.

Inda hatsarin ya fi yawa shi ne jimlolin da aka yanke. "Alhamis zan..." me zai yi? Zai biya, zai zo, zai kira, zai duba? Duk suna iya shiga. "Ba ni da..." ta ma fi muni, domin "ba ni da matsala" da "ba ni da kuɗi" da "ba ni da hannu a ciki" hanyoyi ne da ba sa haɗuwa. Ƙwaƙwalwar mai fassara ba ta son giɓi, tana cike shi tun kafin ka ankara, sai ka rantse ka ji kalmar alhali kai ka kawo ta. Kuma sau da yawa mutum da gangan yake tsayawa. Ya zo bakin alkawari, ya ga nauyinsa, ya ja da baya ya ce "ka san yadda abin yake". Wannan ja da bayan shi ne saƙon. Saboda haka a fassara ma a yanke jimlar daidai inda ya yanke ta, a sa ɗigo uku, a wuce.

A nan ya kamata a bambance abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Mai magana ya yi shiru da kansa daban, ya yi magana amma hayaniya ko iska ta danne ta daban. Na farko ɗigo uku ne. Na biyu kuwa a rubuta cikin baka cewa ba a ji ba, tare da lokacin, misali [ba a ji ba, 0:42], domin duk mai shakka ya koma daidai wurin ya saurara da kunnensa. Idan kana da zato mai ƙarfi a kan abin da ake nufi, ka rubuta shi a bayanin mai fassara a ƙasa, ka kira shi zato, kada ya shiga bakin mutumin.

Sai "ya ce ya turo", wadda ita kaɗai ta isa hujjar cewa kada a yarda a yi fassara daga rubutu zalla. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Idan "ya" ta biyu doguwa ce da sauti sama, an riga an turo. Idan gajeriya ce da sauti ƙasa, umarni ne ake isarwa, wani ake cewa ya turo, kuma ba a turo komai ba tukuna. A takarda duk ɗaya suke, kunne ne kawai zai raba su. Don haka ina neman sautin a kowane lokaci, in saurare shi a saurinsa na asali, ba a 1.5x ko 2x da WhatsApp ke bayarwa ba, domin gudun yana haɗiye ɗan jinkirin da ke nuna shakka. In an ce sautin ya ɓata, sai in rubuta ma'anonin biyu a bayani, in faɗi dalilin da ya sa rubutu ba zai iya zaɓa ba.

Na san abin da za a ce: wanda ya ba ka aiki yana son abin da zai karanta ya gane, ba tarin ɗige-ɗige ba. Gaskiya ne, kuma shi ya sa tun farko ake tambayarsa me za a yi da fassarar. Ta sanin abin da saƙo ya ƙunsa kawai, a share tuntuɓe da "eh" duka. Ta kotu, asibiti ko binciken ɗan jarida, a bar kusan komai. Amma a duka biyun, izinin sharewa bai haɗa da izinin ƙarawa ba.

Kafin in miƙa aiki, ina bin fassarar kalma bayan kalma, kowane aikatau, suna, rana da adadi, ina neman inda ya fito a cikin sautin. A saƙon nan na sama, "biya" ba ta da wurin da za a nuna, haka "matsala", haka "don haka" da ta ƙulla jimloli biyun da mai maganar bai ƙulla ba. Abin da zai rage bayan an cire su shi ne: ya ce shi dai ya gaya wa mutumin cewa ranar Alhamis zai yi wani abu da bai ambata ba, an ce masa wancan ya yi maganar turowa, ya fara faɗin abin da ba shi da shi bai ƙarasa ba, sannan ya ce sai sun yi magana.